Tabarau na sauka kan hanci: a matse shi ko a sake firam?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sa gilashi ina neman shawara. Na yi sabon tabarau, firam ɗin roba ne babba irin wanda ake yayi yanzu. Kyau kam yana da shi, amma ba ya zama. Ina juyowa daga allo zan ji shi ya sauko tsakiyar hanci, in na yi ruku'u kuwa sai na tare shi da hannu. Na mayar da shi shagon, yaron ya matse hannayen, yanzu bayan kunnena ciwo yake kuma bai daina sauka ba. Tsohon nawa na ƙarfe ne, bai taɓa yi min haka ba, sai dai shi kuma yana bar min shati biyu a gefen hanci. Mene ne mafita?

Abban Yara: Wa alaikumussalam. Malama ki koma su ƙara matsewa, bai ji ba ne. Nawa duk bayan ɗan lokaci sai na kai an ɗaure notin.

Ɗan Kano a Legas: Akwai 'yar roba da ake zurawa a ƙarshen hannun, tana maƙale bayan kunne. Ki saya ki huta.

Mai Yankan Gilashi: Malama kada ki bari a ƙara matsewa tukuna. Cire shi ki duba cikin hannun firam ɗin, za ki ga lambobi uku, wani lokacin da ɗan akwati a tsakanin biyun farko. Ki turo min na sabon da na tsohon. Sannan ki duba takardar da aka ba ki bayan gwajin ido, ki faɗa min ƙarfin gilashin da lambar da aka rubuta a gaban PD, wato tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunki.

Malamar Lissafi: To Malam. Sabon 56□16 145. Tsohon ya ɗan goge amma ina ganin 50□19 135. Gilashin -5.00 ne a dama, -4.75 a hagu. PD an rubuta 61.

Mai Yankan Gilashi: Madalla, ai lambobin nan sun faɗi rabin labarin. Duk milimita ne. Ta farko faɗin gilashi guda ce, ta biyu tazarar da ke tsakanin gilasan biyu inda gada take, ta uku tsawon hannu. Tunda lissafi kike koyarwa, haɗa ta farko da ta biyu. Sabon ya ba da 72, tsohon ya ba da 69. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar tagar dama da tsakiyar ta hagu. Ke kuma tsakanin ƙwayoyin idanunki 61 ne. Ke nan a sabon firam an sami rarar 11, kowane ido ya matsa wajen hanci da milimita 5.5 daga tsakiyar tagarsa. A tsohon 4 ne kawai.

Abin da ya sa wannan ya shafi zamewa: gilashin wanda ba ya ganin nesa sosai, wato mai alamar ragewa irin naki, siriri ne a tsakiya, yana ƙara kauri yadda aka nufi gefe. Mu da muke yankawa dole mu ajiye wurin sirantar nan daidai ƙwayar idonki. To a firam mai faɗin 56, daga ƙwayar idonki zuwa gefen waje akwai milimita 33 da rabi na gilashi, kuma can ne kaurin ya taru. Duba gefen waje na sabon ki gwada da tsohon, za ki ga bambanci da idonki. Duk nauyin nan a gaba yake, hanci ne zai ɗauka.

Malamar Lissafi: Wallahi gefen ya yi kauri sosai, har na zaci sun canza min lamba ne.

Hajiyar Zariya: Ni dai abin da aka taɓa gaya min shi ne mai ƙaramin hanci ya nemi ƙaramar lamba a tsakiya, mai babban hanci ya nemi babba. To in haka ne 16 ai ya fi 19 matsewa, ya kamata ma ya fi kama ta. Me ya sa shi ne mai sauka?

Mai Yankan Gilashi: Hajiya maganarki da gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Gada in ta yi wa hanci faɗi tabarau zai sauka har sai ya tarar da inda hancin ya buɗe ya tare shi, wannan haka ne. In kuma ta yi ƙunci, sai ya ɗare sama ya tsaya a kan wuri biyu ƙanana, ya bar ja. Sai dai lambar nan tazara ce tsakanin gilashi da gilashi, ba ta faɗin siffar ramin da hanci zai shiga. Firam biyu za su iya zama 18 dukansu, ɗaya ya zauna daram ɗaya ya ƙi, saboda kaurin robar da ke zagaye da gilashin ya cinye wani ɓangare na wurin, ko kuma gadar tana sama a ɗaya, tana ƙasa a ɗayan.

Babban abin ma shi ne tudun karan hanci. Yawancin firam ɗin roba da ake shigo mana da su an zana su ne don hanci mai tsayin doro tun daga tsakanin idanu. Da yawa daga cikinmu wurin nan a kwance yake kuma da faɗi, tudun sai can ƙasa yake farawa. Firam ɗin roba ba shi da abin lanƙwasawa a hanci, yadda aka zuba shi haka yake. In bai sami tudun da zai hau ba, ba abin da zai riƙe shi, sai ya gangara.

Malama gwada wannan a gaban madubi. Sa shi inda ya kamata ya zauna, ki yi murmushi sosai. In kumatunki sun ɗaga shi, to a kan kunci yake zaune ba a kan hanci ba. Sannan ki duba ko gashin idonki na gogar gilashin, ki kuma duba ko akwai rata tsakanin saman gadar da fatar hancinki.

Malamar Lissafi: Innalillahi. Ina murmushi ya tashi sama gaba ɗaya. Kuma dama kullum cikin goge shi nake, ashe gashin ido ne ke shafa masa maiƙo.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Ni ina ganin matsalar gilashin China ne kawai. Ku sayi na asali ku gani.

Nas ɗin Ido: Baba ba maganar asali ba ce. Na ga firam mai tsadar gaske yana sauka a fuskar mai shi, na ga na tebur a bakin kasuwa ya zauna wa wani kamar don shi aka yi. Su kamfanonin ma sun san da zancen nan, shi ya sa wasu ke fitar da samfuri na daban ga masu kwantaccen karan hanci, a shafukansu za ka ga an rubuta low bridge fit. Robar da ke taɓa hanci a jikinsa ta fi tudu, kuma ƙasan firam ɗin ya ɗan nisanci kunci. A kasuwanninmu dai ba kasafai mai shago zai ware maka shi ba, sai ka gwada ɗaya bayan ɗaya.

Abban Yara: To amma ni har yanzu ban gane laifin matsewa ba. Abu yana faɗuwa, ka ɗaure shi. Ni yana min aiki.

Mai Yankan Gilashi: Abban Yara naka noti ne ke kwancewa a mahaɗa, ɗaure shi daidai ne. Abin da aka yi wa Malama daban ne, an tanƙwaro hannayen ciki don su danne kai. Tabarau wuri uku ya kamata ya taɓa: hanci da saman kunnuwa biyu zuwa bayansu. Daga mahaɗa har zuwa kunne, hannun wucewa kawai zai yi ta gefen kai, ko ya ɗan shafa ba tare da dannawa ba. Kai kuwa ya fi faɗi ta wajen kunne, yana sirancewa ta gaba. In ka sa hannaye biyu suka matse shi a gaban kunne, abin da ke faruwa shi ne abin da ke faruwa in ka matse jiƙaƙƙen ƙwallon mangwaro da yatsu biyu: gaba zai tsere. Shi ya sa za ka ga mutum da layi biyu a gefen kai, kansa na ciwo, kuma tabarau na ƙarshen hanci.

Abin da ke riƙewa ta baya shi ne lanƙwasar ƙarshen hannu. Ya kamata ta fara daidai inda saman kunne ya haɗu da kai, ta sauka tana bin ƙashin bayan kunne a kwance, ba tana cizon kunnen ba. Yanzu dubi lambar Malama: tsohon 135, sabon 145. Santimita guda cur ya ƙaru. In ba a matso da lanƙwasar gaba ba, tana can baya da kunnen, tabarau na da filin da zai yi tafiya gaba kafin ta kama. Malama sa shi ki ja shi gaba a hankali da yatsa biyu, ki ga nisan da zai yi kafin ki ji ya tsaya.

Malamar Lissafi: Yana tafiya sosai, ya kusa faɗin yatsa.

Mai Yankan Gilashi: To kin gani. Wannan kam ana gyarawa: a ɗumama hannun, a miƙe shi, a sake lanƙwasa shi a inda kunnenki yake, a kuma sassauta matsin da yaron ya yi. Zai rage sauka. Amma ba zan ɓoye miki ba, nauyin da rashin zaman gadar suna nan, kuma da zafi ya kama gumi ya fara za ki koma tura shi da yatsa.

Tela Mai Zare: Ni nawa da kaina nake gyarawa. Ruwan zafi a kofi, in tsoma hannun ya yi laushi, in lanƙwasa. Shekara da shekaru.

Nas ɗin Ido: Malam Tela, ƙarshen hannu kawai in ka tsoma da sauƙi. Amma mutane sukan tsoma har gilashin, zafi kuma yana tsattsaga rufin nan mai hana ƙyalli, sai ka ga gilashi ya yi zane-zane kamar an yayyaga shi, ba ya goguwa. Kuma ba kowace roba ce ke jin zafi ta lanƙwasu ba, wata sai dai ta karye.

Tela Mai Zare: Ni dai bai taɓa karye min ba.

Mai Yankan Gilashi: Allah Ya sa ya ɗore, amma ranar da aka kawo maka firam mai araha da aka zuba a injin ba tare da waya a cikin hannu ba za ka ba mu labari. Ɗaga shi a haske, in ka ga siririn ƙarfe a cikin hannun to yana karɓar lanƙwasa ya riƙe. Af, kuma masu barin tabarau a gaban mota da rana, musamman watan Afrilu, ku sani robar na sakewa ta buɗe. Da yawa masu cewa firam ya yi musu yawa daga baya, rana ce ta buɗe shi.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni nawa na ƙarfe ne mai 'yan robobin hanci, ba ya sauka ko kaɗan, amma wurin ya yi baƙi, tabo biyu kamar an ɗiga min. Har biki in zan je sai na shafa hoda a wurin. Shin zai tafi kuwa?

Nas ɗin Ido: Maman Biyu shati iri biyu ne. Wanda kike cire tabarau ki gan shi, bayan ɗan lokaci ya baje, wannan ba komai, duk abin da ya zauna a fata zai bar sawu. Wanda ya kwana ya wuni, yana zafi ko ya fara duhu, shi ne alamar ana danna wuri guda fiye da kima. Fatarmu in ana gogarta kullum takan yi duhu a wurin, kuma ko an cire dalilin takan ɗauki watanni kafin ta washe. Kada dai ki sa masa man bilicin. In kuma akwai ƙaiƙayi da ƙuraje a inda ƙarfen kansa ke taɓa fata, kamar gefen kai ko kunci, wata maganar ce, wasu jikinsu ba ya shiri da sinadarin nikel da ke cikin ƙarfen firam da yawa. Irinsu sai su nemi roba ko taitaniyam, kuma su nuna wa likita.

Mai Yankan Gilashi: Ƙari a kan na Sista. Maman Biyu kalli siffar tabon da kyau. In ya fito da siffar robar gaba ɗaya kuma iri ɗaya dama da hagu, to robar ta kwanta daidai, nauyi ne ya yi mata yawa, sai a sa mai faɗi don ta raba nauyin. In kuma tabon siriri ne kamar jinjirin wata, ko ya fi zurfi ta sama, ko ta gaba, to gefen robar ne ke cin fata, ba ta kwanta ba. Ana kama ƙafarta da filaya a juya ta har fuskarta duka ta bi gangaren hancin. Hanci mai faɗi yana so a buɗe su su kalli ƙasa-ƙasa, amma yawanci yadda suka fito daga kwali a tsaye haka ake miƙa wa mutum. In gefe ɗaya ya fi ɗaya zurfi, kada a tsaya a hanci, a duba hannaye: ɗaya yana danna kai fiye da ɗayan yana ture firam ɗin gefe.

Ki kuma duba robar kanta. In ta yi rawaya ta yi tauri, ko kore ya taru a gindinta, ta gama aiki. Koren nan tsatsar tagullar da ke cikin ƙarfen ce da gumi ya taso. Canza ta aikin minti kaɗan ne, wata da ɗan noti ake ɗaure ta, wata turawa ake. Ta silikon ta fi taushi kuma ta fi kama fata.

Maman Biyu: Jinjirin wata ne kuwa, ta sama. Kuma hagu ya fi.

Hajiyar Zariya: Ni silikon ɗin nan ban ji daɗinta ba, kamawa take tana jan fata, da gumi sai wurin ya yi ja. Na koma mai taurin.

Mai Yankan Gilashi: Ana samun haka Hajiya, ba kowa take karɓa ba. Ku mata kuma akwai abin da nake yawan gani: a gwada firam a shago da mayafi sakwa-sakwa, a koma gida a ɗaura ɗankwali ya rufe saman kunne ko a sa hijabi mai matse fuska. Ɗaurin sai ya danna hannun cikin kai, ko ya ɗaga ƙarshensa sama gaban ya sunkuya. Ki zo da irin ɗaurin da kike wuni da shi a gwada a kansa. In a kan hula ko ɗankwali kike ɗora hannun, faɗin da za a buɗe miki daban ne da wadda ke zura shi a ƙarƙashi.

Ɗan Kano a Legas: To ni robar bayan kunnen da na faɗa fa? Kowa ya share ni.

Nas ɗin Ido: Ba a share ka ba ɗan'uwa. Tana aiki, ga yara da masu ƙwallo da masu aikin sunkuyo. Amma ga Malama da bayan kunnenta ke ciwo tun yanzu, ƙara jan firam mai nauyi baya zai mayar da ciwon kan hanci da kunci ne. Kuma wani abin da ba a faɗa ba: a -5.00 saukar tabarau ba ado kawai take ɓatawa ba. Gwajin da aka yi mata an yi shi ne gilashi na kusa da ido, wajen milimita 12 zuwa 14. In ya yi nisa ƙarfinsa a ido yana raguwa, allo ya ɗan dushe. Masu gilashin da aka haɗa na nesa da na karatu kuwa sun fi shan wahala, don wurin karatun sai ya gudu ƙasa su dinga ɗaga haɓa.

Malamar Lissafi: Na gode ƙwarai. To Malam in zan sake, wace lamba zan nema? Kuma gilashin nan da na biya kuɗi masu yawa shi ke nan ya tafi?

Mai Yankan Gilashi: Ki nemi wanda in kin haɗa lambobi biyun farko ba za su wuce 61 ɗinki da nisa ba, misali 48□19 ko 49□18, duka 67 ke nan, milimita 3 a kowane ido. Amma kada ki bi lamba ki ɗauki wanda ya yi wa kanki ƙunci, faɗin gaban gaba ɗaya ya yi daidai da faɗin fuska yadda hannaye za su tafi a miƙe ba su buɗe waje ba. Akwai firam mai ƙananan tagogi da mahaɗa mai fitowa waje, irinsa ya fi dacewa da ke. Ya kasance mai robar hanci da ake juyawa. In robar kike so dole, akwai firam ɗin roba da aka dasa wa ƙafafun ƙarfe a hanci. Hannu kuma 135 ko 140. Kafin ki biya, sa shi ki sunkuya kamar ruku'u ki girgiza kai, ki yi murmushi, ki zauna da shi minti goma ki cire ki duba hanci. Ki tuna gilashin gwaji da ke ciki bai kai naki nauyi ba.

Gilashin kuwa wataƙila a cece shi, tunda daga babba za a koma ƙarami. Daga ƙwayar ido zuwa gefen hanci, a na yanzu kina da milimita 22.5, wato 61 a cire 16 a raba biyu. Firam mai gada 19 yana bukatar 21. Akwai rarar ɗaya da rabi, ƙyas-ƙyas ke nan. Ta waje kuwa rara ta yi yawa, kuma kaurin nan ne za a yanke a zubar. Sauran ya danganta da siffar sabon firam da tsayinsa, sai an ɗora an gani.

Mai Shago a Sabon Gari: Ni a nan na saɓa da kai Oga. Milimita ɗaya da rabi ba rara ba ce, bakin da ke shiga ramin firam zai cinye ta, kusurwa kuma ta bar rami. Ga haɗarin injin ya kama gilashin ya juya ko rufin ya karce. Ni ba na karɓar irin aikin nan sai mai shi ya yarda in ya lalace ba ruwana. Da ni ne, sai in dasa mata ƙafafun hanci a firam ɗin da take da shi, in gyara hannayen, ta ci kuɗinta, in lokacin canza gilashi ya yi ta sayi ƙarami.

Mai Yankan Gilashi: Dasawar na ɗaga shi daga kunci, na yarda, amma ba ta rage nauyi ko giram ɗaya. Duk nauyin 56 ɗin nan zai koma kan robobi biyu, ta dawo tana kukan Maman Biyu. Kuma in firam ya ɗaga sama, tsakiyar gilashin ma ta ɗaga, sai an sake dubawa. In ta sami 49□18 rarar ta zama biyu ba ɗaya da rabi ba, kai 21.5 ake bukata, to ɗaya ke nan, ya ma fi muni. A'a, mai gada 19 ko 20 za ta nema.

Mai Shago a Sabon Gari: Ka ga ni? Kai da kanka lissafin ya fara yi maka gardama.

Malamar Lissafi: Na duba masa, 21.5 ne, gyaran da ya yi daidai ne. Ranar Asabar zan je da tsohon da sabon duka, in fara sa su gyara hannayen su sassauta matsin, in ga yadda mako zai kasance a aji. In bai yi ba sai a ɗora gilashin a kan ƙaramin firam a gani ko zai fita.

Maman Biyu: Malam ni kuma in na je me zan ce musu daidai? Kada in ce a gyara su ƙara matse min.

Mai Yankan Gilashi: Ki wuni da shi tukuna, ki je da shatin a fuskarki ki nuna musu. Ki ce a sa roba mai faɗi, a kwantar da samanta, a kuma duba hannun da ke danna kai fiye da ɗayan. Kada ki karɓa a kan tebur, a fuskarki za a gyara shi.